Gishirin Ƙarfen da Aka Shanya a Rana

Buhu sittin ne, kowanne kilo ashirin da biyar. Talatin nawa, talatin na yayan matata. Abin da ke cikinsu gishirin ƙarfe ne, wanda mu 'yan kasuwar sinadari muke kira feros: koren gishiri mai ƙyalli, kamar an daddaka koriyar kwalba. Da shi ake yin ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki idan sun je awo. Nawa talatin ɗin su ne duk abin da na tara tun ina awon hatsi a Dawanau, har na koma sayar da alif da soda ga masu yin sabulu, har na kama sito na kaina a Tarauni. Babu wani abu da na bari a gefe.

A lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Duk bangon da ka duba a Gyaɗi-Gyaɗi akwai ragowar fastar zaɓe, kowa kuma yana da wani ɗan'uwa da ya zama kansila ko yake gab da zama wani abu. Ana ta maganar kwangila har a wurin jana'iza. Wani ƙaramin kamfanin haɗa magunguna ya sami odar ƙwayar ƙarin jini mai yawa, mai yi musu sayayya kuwa mun san juna tun ina kai musu soda. Ya ce mini in zan iya kawo feros na magani, ba na masana'anta ba, to in kawo buhu sittin. Amma ya gaya mini gaskiya: suna da ɗakin gwaji nasu, za su ɗiba su auna. In ya wuce, na zama mai kawo musu kaya. In ya faɗi, kada in sake zuwa ko da gishirin miya ne.

Ƙarfina bai kai sittin ba, shi ya sa na nemi yayan matata. Ɗan hatsi ne, shi ya fara ba ni mudu a hannu, kuma ya san buhu fiye da duk wanda na taɓa gani. Yakan dafa buhun masara ya gaya maka ko ta sha raɓa. Yaya nake kiransa, shi kuma yana ce mini Alhaji Ƙarami, ko da ina gaban 'ya'yana.

Kayan suka iso daga Ikko lafiya, kowane buhu da leda mai kauri a cikinsa, an ɗaure bakinta. Muka jera su a sito. Kamfanin suka ce a ɗan jinkirta, injinsu na buga ƙwaya yana hannun masu gyara. Ni kuma na koma Ikko neman wani kayan. Damina ce ta tsakiya. Ina can aka yi ruwan da ya cika kwatar layinmu, ya tsallake dokin ƙofa, ya shiga sito har ya shanye layukan buhunan ƙasa.

Yaya bai zauna ba. Ya yi abin da duk ɗan hatsi mai hankali zai yi. Duk buhun da ya ga jiƙa a jikinsa ya sa aka farke shi, aka yanke ledar, aka shimfiɗa tamfol a filin bayan sito aka baje gishirin. Ana juya shi da katako kamar gero. In hadari ya taso a tattara a rufe, in ya wuce a sake bajewa. Buhu talatin da takwas aka yi wa haka. Ba na ganin laifinsa a wannan. Da ni ne a wurin, da ilimin da nake da shi a ranar, da ni ma wuƙa zan ɗauko.

Da na dawo ya tare ni da fara'a, ya ce, "Alhaji Ƙarami, kana can kana shan iskar teku, mu muna nan muna ceton dukiyarka. Zo ka gani, ya bushe ƙarau."

Na sa hannu a buhun farko. Ya bushe ɗin, ba ƙarya. Amma koren ya dushe. Wani wurin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, wani wurin kuma ya yi rawaya mai duhu, irin ta tsatsar kwanon rufi. Na murza a tafin hannuna, ya bar mini shaida kamar na riƙe tsohuwar ƙusa.

"Launi ne kawai," in ji Yaya. "Masara ma in ta sha rana takan sauya. In aka niƙa, wa ya sani?"

Gidan da ke jikin namu a Gyaɗi-Gyaɗi wata malamar kimiyya ce da mijinta suke haya, mutanen Filato ne. Ta yi aiki a ɗakin gwajin wata masana'anta kafin a rufe ta, sannan ta koma koyarwa a wata sakandare a Tarauni. Ita da matata ba sa rabuwa. Ta katanga suke miƙa wa juna daddawa da labari. Na ɗebi gishirin a ƙullin leda biyu, ɗaya daga wanda aka shanya, ɗaya daga buhun da ba a taɓa ba, na kai mata da yamma tana tsintar shinkafa a tsakar gida.

Ta buɗe na farkon, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Alhaji, wa ya yi wa abin nan haka?"

Na gaya mata.

"A rana? A buɗe? Da damina?" Ta ajiye tiren shinkafar. "Da kun bar shi a ledarsa, ko buhun ya jiƙa, yawanci babu abin da zai same shi. Wannan ba ya son iska, balle iska mai laima. Amma kada in yanke maka hukunci da ido. Ran Asabar babu ɗalibai, zan roƙi shugaban makaranta ya bar mu mu shiga ɗakin gwaji. Ka zo da yayanka. Ba na so a ce daga baya ni na faɗa."

Ranar Asabar ɗin muka je. Yaya ya sa babbar riga kamar mai zuwa kotu. Ɗakin dogo ne, da tebura masu famfo da ba sa kawo ruwa, da warin da ban san na mene ne ba. Malama ta riga mu zuwa, ta sa farar riga a kan atamfarta. A gabanta akwai wani siririn bututun gilashi a tsaye, tsawonsa ya kai kamu biyu, an zana masa lambobi daga sama zuwa ƙasa, da ɗan famfo a gindinsa. Buret ta ce sunansa. Ta cika shi da wani ruwa shunayya mai duhu daga wata baƙar kwalba.

Yaya ya leƙa ya ce, "Af, ai na san wannan. Ba shi ne ake jiƙawa a wanke gyambo ba? Har a ruwan kaji ana sawa."

"Shi ne, Alhaji. Famanganet."

"To, Madam, da maganin kaji za ki auna mana dukiya?"

"Da shi kamfanin ma za su iya auna ta," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Sai dai nawa na san ƙarfinsa. Jiya na gwada shi da abin da na tabbatar da nauyinsa, don in ya kwana biyu a ajiye yakan rage ƙarfi, sai ya yi wa mutum ƙarya."

Ta fara da mai kyau. Ta auna giram ɗaya a wani ma'auni da ke cikin akwatin gilashi, tana ƙarawa tana ragewa da bakin cokali har na gaji da kallo. Ta zuba shi a wata kwalba mai faɗin gindi da siririn wuya, ta sa ruwan da aka tace, ta ƙara asid. Na tambaye ta wane iri ne. Ta ce irin na batirin mota ne, amma mai tsabta kuma an surka shi. In babu shi da yawa, aikin ba ya tafiya daidai, sai ruwan ya yi laka-laka ruwan ƙasa. Akwai wani asid ɗin da muke sayar wa masu wankin tayil, na ce shi fa? Ta ce shi ba ya yi, don famanganet yana cin sa shi ma, sai lissafi ya haura. Ta kuma ɗiga wani na uku kaɗan, wanda ta ce aikinsa ya kashe rawayar da za ta taso, don ido ya ga abin da ake nema. Ta shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar.

Sai ta buɗe famfon.

Na sha ganin abubuwa a sana'ata, amma wannan ya tsaya mini. Ruwa mai duhu kamar tawada yana sauka cikin kwalbar, tana juya ta da hannu ɗaya, yana taɓa ruwan ƙasan sai ya ɓace. Ba dushewa yake yi ba, ɓacewa yake yi ɗungurungum. Ta yi ta zubawa, kwalbar tana nan kusan kamar ruwan sha.

Yaya ya ce, "Ina yake zuwa?"

Ta ce, "Ƙarfen ne yake karɓe shi. Koren ƙarfe, wanda jiki ya fi iya sha, yana da wani ɗan abu guda ɗaya da zai iya bayarwa, mu muna ce masa ilektoron. Famanganet kuma mai karɓa ne, kowace ƙwaya ɗaya tasa tana karɓar biyar daga ƙarfe biyar. Da zarar ya karɓa ya cika, sai ya zama wani abu dabam da kusan ba shi da launi. To muddin akwai koren ƙarfe a kwalbar nan da bai bayar da nasa ba, duk ɗigon da ya faɗo zai rasa launinsa."

"In ya ƙare fa?" Ni na tambaya.

"Sai ka gani da idonka."

Can sai na lura ɗigon ya fara daɗewa. Yana faɗowa sai ya yi wani ɗan gajimare ja, ta juya, sannan ya tafi. Ta rage famfon har ya koma ɗigo ɗaya-ɗaya. Ta wanke gefen kwalbar da ɗan ruwa. Ɗigo. Ya tafi. Ɗigo. Ya tafi da ƙyar. Sai wani ya faɗo, ta juya, duk ruwan ya ɗauki launin hoda mai haske ƙwarai, wanda in ba don farar takardar ba ba zan gan shi ba. Ta rufe famfon, ta duba agogon hannunta. Rabin minti ya wuce yana nan.

Ta durƙusa har idonta ya yi daidai da saman ruwan da ke cikin bututun, ta karanta. Talatin da shida, saura ɗan kaɗan. Ta ce giram ɗaya na feros mai kyau, da ruwan nan a ƙarfin da ta haɗa shi, talatin da shida yake ci. Wannan buhun lafiyarsa lau.

Yaya ya gyara hula. "To alhamdu lillahi. Kin gani."

Ta wanke kwalbar, ta sake cika bututun, ta auna giram ɗaya daga wanda aka shanya. Shi da ta narkar da shi ruwan ya fito da ɗan duhun rawaya, sai da asid na ukun ya shiga ya washe. Ta buɗe famfo. Na kafa ido a kan lambobin, ina bin ruwan yana sauka. Ya wuce ashirin. Ya wuce ashirin da biyar. Ina roƙon Allah a zuciyata kada gajimaren nan ya fito da wuri. Bai kai talatin ba na gan shi. Ta rage famfon. A talatin da ɗaya kwalbar ta yi hoda, ta tsaya.

A waje wani mai gyaran lasifika yana ta gwada waƙar siyasa, yana kunnawa yana kashewa.

Yaya ne ya fara. "Madam, kin yi saurin rufewa."

"Ban yi ba, Alhaji."

"Wannan har launi ne? Wannan ai ko ruwan wanke lalle ya fi shi ja. Ki bari ya yi irin na cikin bututun mana, sannan mu san ya ƙoshi."

"In na bari ya yi haka, ba ƙarfenka nake aunawa ba, ruwana nake zubarwa."

"To tsaya. Ɗana ya yi sakandare, na ga littafinsa. In ana irin wannan awon akwai wani ruwa na daban da ake ɗigawa, shi ne alƙali, shi yake sauya launi ya ce an kai. Ke ban ga kin sa ba. Mai kaya shi ne mai awo, shi ne kuma mai shaida? A wace kasuwa ake haka?"

Tambaya ce ta ɗan kasuwa, kuma ni ma ta zo mini. Malama ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Gaskiyarka, a wasu awon ana sawa, don ruwan biyu duka ba su da launi, dole a nemo na uku ya faɗi lokacin tsayawa. Nan ba a bukata. Bari ka gani."

Ta ɗauko wata kwalbar, ta zuba ruwa da asid kamar yadda ta yi a baya, amma ba ta sa gishirin ba. Ta miƙa wa Yaya ta ce ya riƙe. Ta saki ɗigo ɗaya tak. Nan take duk ruwan ya yi hoda a hannunsa.

"Ka gani? Babu ƙarfe, ɗigo ɗaya ya isa ya rina shi, don launinsa yana da ƙarfi sosai. To in ka ga hodar nan ta zauna a waccan kwalbar, ma'anarta ɗaya ce: ɗigon ƙarshe ya shiga ya nemi koren ƙarfe bai samu ba. Ba ni na ce ya ƙare ba."

Yaya ya ajiye kwalbar a hankali. Ya shiga zagaya teburin yana karkaɗa carbi. Muna cikin haka, ni ina tambayarta inda sauran ƙarfen ya tafi, tana gaya mini yana nan bai je ko'ina ba, iska ce ta riga ta karɓe abin da zai bayar tun yana kan tamfol, ya zama ɗan'uwan tsatsa, shi ya sa famanganet bai same shi ba, sai muka ji Yaya ya daka tsawa.

"Ya tafi! Wallahi ya tafi! Alhaji Ƙarami, zo ka gani!"

Kwalbar wanda aka shanya ce. Hodar ta dushe, ta kusa komawa fari. Fuskar Yaya ta cika da haske. "Ba na faɗa ba? Akwai saura a ciki. A hankali yake ci, kamar tsohon doki. Madam, ƙara masa."

Ba zan ɓoye ba, ni ma na sa rai tare da shi.

Malama ta nuna masa kwalbar da ya riƙe ɗazu, wadda babu ƙarfe a cikinta, ta ce ya ajiye ido a kanta, ita ma za ta bi sahu. Ta ce ɗigon da ya rage ɗan mitsitsi ne, in aka bar shi ƙurar ɗaki da abin da ke cikin ruwan za su cinye shi sannu a hankali. Shi kuwa koren ƙarfe ba ya jira, nan take yake karɓa. Shi ya sa ƙa'idar rabin minti ce. Wanda ya yi ta ƙarawa duk lokacin da launi ya dushe zai iya kai lambar duk inda ransa yake so.

"To ai shi ke nan," in ji Yaya, yana 'yar dariya. "Ki kai ta inda ranmu yake so mana. Maƙwabtaka ta ce me?"

"Alhaji, ko na kai ta, ba ni da takardar da zan ba ka. Kuma mai gwajin kamfanin ba maƙwabcinka ba ne."

"Ke dai hannunki ne a kan famfo."

Sai ta juyo gare ni. "Alhaji, zo ka riƙe da kanka."

Na ce ban iya ba. Ta ce wanda ya yi shekaru yana share bakin mudu ba zai kasa rufe famfo ba. Ta sa Yaya ya zaɓi gishirin da hannunsa, daga cikin ƙullin wanda aka shanya, inda ya ga ya fi kore. Ta auna a gabansa. Ta nuna mini yadda zan zagaye famfon da hannun hagu, in juya kwalbar da dama. Ruwan farko ya zubo da yawa, amma ya ɓace. Na ci gaba. Na san lambar da nake so, kuma na san babu mai hana ni wuce ta. Famfon yana tsakanin yatsuna. Da gajimaren ya fara daɗewa na sunkuya kusa da kwalbar. Na rage. Ɗigo ya faɗi, na juya, ya tafi, na ji daɗi kamar an yi mini kyauta. Wani ya faɗi, ya tafi. Na gaba bai tafi ba. Na juya, na sake juyawa, na ƙara da ƙarfi har ruwan ya kusa fantsama. Yana nan.

Na rufe. Talatin da ɗaya da ɗan ɗori.

Malama ta ce a hankali, "Kuma ka sani, lambar nan ma ta yi maka sassauci. Gishirin nan asalinsa akwai ruwa a jikinsa, rana ta ɗebe wani. Da ba ta ɗebe ba, da abin da za ka gani bai kai haka ba."

Muka yi mata godiya. Yaya ya ciro wani abu daga aljihu zai ba ta, ta ce ya bari, in yana so ya aiko wa makarantar da kwalbar asid, tasu ta kusa ƙarewa.

A hanyar komawa sito, a cikin motar Yaya, muka wuce kasuwar Tarauni. Sannan ya ce, "A gauraya."

Na riga na yi wannan lissafin tun muna ɗakin. Ashirin da biyu masu kyau a cikin talatin da takwas marasa kyau ba za su kai lambar ko talatin da uku ba. Na gaya masa haka. Sai mu lalata mai kyau, mu kuma faɗi.

"To a yi fuska. Mai kyau a sama, wancan a ƙasa. Wa zai zazzage buhu sittin?"

"Yaya, ledar an yanke. Duk wanda ya ga ɗaurin ya san an buɗe. Kuma da bututu suke ɗiba, har gindin buhu, kamar yadda kake yi wa manoma."

Ya yi tsaki. Ya ce boko ya shige ni da tsufa. Ya ce akwai waɗanda suke haɗa maganin ƙarin jini na ruwa a bayan gida, ba su da bututu ba su da Madam, kuma za su saya ba tare da sun tambayi launi ba.

Wannan na tambayi Malama a kansa washegari, ta katanga. Ta ce ba za ta ce mini guba ba ne. Amma ya kwana a tamfol, ƙura da ƙafar mutane da kashin tsuntsu sun taɓa shi, kuma macen da aka ce ta sha don jininta ya yi ƙasa za ta sha tana zaton ta sami abin da ba ta samu duka ba. Ta ce in nemi masu jima. Suna amfani da shi wajen baƙanta fata da kwantar da dattin ruwa, su tsatsar ba ta dame su sosai ba.

Na kai wa Yaya wannan maganar a gidansa a Daurawa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce farashin masu jima ko kuɗin mota daga Ikko ba zai mayar ba, kuma shi yana da 'ya'ya mata biyu da za a kai ɗaki bayan salla. Ya ce ni na jawo shi cikin sana'ar da bai sani ba, na tafi na bar shi da ruwa, ya yi iyakar abin da ya sani, yanzu kuma ina so in koya masa tsoron Allah. Rabin maganarsa gaskiya ne. Na dai ce nawa kason ba zai shiga kwalbar magani ba. Ya ce to a raba.

Muka raba a filin da aka yi shanyar. Masu kyau ya yarda in kai su kamfanin gaba ɗaya, in ba shi kuɗin nasa. Marasa kyau, goma sha tara-tara. Wata safiya na zo na tarar an kwashe nasa. Mai shagon da ke kallon sito ya ce wata farar mota ce ta zo, ba ta da rubutu a jiki. Ban tambayi Yaya ba, shi ma bai faɗa ba. Matata ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce mata harkar maza ce.

Ba mu yi faɗa ba. Yana zuwa suna, ina zuwa ɗaurin aure, na kuma tsaya a bikin 'ya'yan nasa kamar yadda ya kamata. Sai dai tun daga ranar ya koma kirana Alhaji kawai, kuma ko buhun gishirin miya ba mu sake haɗawa ba.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Unguwarmu cike take da kemis saboda babban asibitin da ke kusa, kuma a shekarun nan kowane kanti akwai kwalaben ƙarin jini iri-iri, wasu da lambar rajistar gwamnati, wasu da hoton mace mai ƙiba kawai. Nakan tsaya sayen maganin ciwon kai, in ga mace da katin awo a hannu tana cinikin ɗaya daga cikinsu, tana neman mai sauƙi. Sai in kama kaina ina ɗaga kwalbar ina duba gindinta a hasken ƙofa, ko zan ga rawaya ta kwanta. Ba a gane komai ta haka, na sani. Wataƙila ma masu jima Yaya ya kai wa, ya ji kunyar faɗa mini. Wataƙila. Na yi tunanin da na saye kasonsa a lokacin, amma ba ni da abin saye, kuma da na yi tayin da ya ɗauke shi zagi.

Kamfanin suka gwada ashirin da biyun, suka wuce. Mai sayayyar ya tambaye ni sauran, na gaya masa ruwa ya taɓa su, ban kawo ba. Ya ce ya ji daɗin da na faɗa, amma injinsu ba zai jira ni ba. Ya ba wani ragowar odar, wancan ɗin kuma shi ya zama mai kawo musu feros. Ni aka bar ni da soda kamar da. Na saki siton Tarauni na koma ɗan shago, sai da aka sake yin wani zaɓen kafin na iya kama wani.

Ga yadda sittin ɗin suka ƙare. Ashirin da biyu sun zama magani. Goma sha tara sun tafi majema, a kan abin da bai kai rubu'in kuɗinsu ba. Goma sha tara kuma ban san cikin wa suka shiga ba.